Tambayoyi da Amsoshi: Rabon Aikin Noma a Gida da Dalilin da Ya Sa Dole Ilimin Gona Ya Kai ga Mata

Waɗannan tambayoyi ne da na sha ji daga magidanta, da malaman gona, da su kansu matan, a wuraren taron manoma da cikin gidaje. Na fi mayar da hankali ga ƙauyukan Hausa na arewacin Najeriya da kudancin Nijar, kuma na ɗauki ajiyar wake a matsayin babban misali, domin a nan ne matsalar ta fi fitowa fili.

Wai shin matan ƙasar Hausa manoma ne? Ai da yawansu ba sa zuwa gona.

Ya danganta da inda mutum ya ce noma ya ƙare. In a wurinka noma shi ne huɗa da shuka da noman firi da maimai, to a ƙauyuka da yawa na Kano da Katsina da Zazzau za ka ga maza ne a gona. Matan aure masu ƙuruciya suna cikin gida, sai tsofaffi da zawarawa da 'yan mata ke fita roron wake ko tsintar gyada. Amma hatsin da aka ɗaure dami bai zama abinci ba tukuna. Akwai sussuka da sheƙa, akwai casar wake, ɓarar gyada, shanya, tsince na banza, ajiya, surfe da niƙa. Akwai masu matse man gyada su soya ƙuli-ƙuli, masu daddawa, masu turara shanshera su fitar da shinkafa. Ga awaki da tumaki da kajin da ke tsakar gida, waɗanda yawancinsu na mata ne, su suka saya da kuɗin adashi ko suka samu a kayan aure. Duk wannan noma ne, kuma a wannan ɓangaren ne amfanin gona yake samun daraja ko ya lalace.

Ko aikin gonar ma ba ko'ina ne mata ke kauce masa ba. A yankin Maraɗi mata da yawa na riƙe da hauya suna noma gonakinsu, haka ma matan Maguzawa. Wani bincike da masanan Bankin Duniya suka yi a ƙasashen Afirka shida ya kiyasta cewa mata ne ke yin kusan kashi 32 cikin ɗari na aikin noman amfanin gona a arewacin Najeriya, da kashi 24 a Nijar. Wannan bai kai abin da ake yawan faɗa a tarurruka ba, cewa wai mata ke yin kashi 70 ko 80 na noman Afirka, kuma ni ban ga amfanin ƙara wa magana gishiri ba. Kashi ɗaya cikin uku na aikin gona, a ɗora masa aikin da ake yi a tsakar gida da kiwo, ya isa hujja.

Mene ne gandu da gayauna, kuma me ya haɗa su da wannan magana?

Gandu ita ce babbar gonar gida, wadda maigida ke iko da ita, a yi mata aiki tare, a ci daga rumbunta. Gayauna kuwa ƙaramar gona ce da ake yankar wa mutum ɗaya, ɗa ko ƙane ko mata, abin da ya fito nasa ne. A wasu sassan Nijar ana ce mata gamana. Mace kan samu gayauna daga mijinta, ko ta gaji gona daga mahaifinta, ko ta karɓi jingina.

Abin lura shi ne yadda ake jera aiki. Ruwan shuka ya sauka, gandu za a fara shukawa. Shanun huɗa gandu za su fara shiga. Takin da aka tara a gida, har da kashin awakin ita matar, gandu ake kai wa. Gayaunar mace sai an gama, ko da yamma, ko ta biya 'yan ƙwadago a daidai lokacin da kowa ke nemansu sun yi tsada. Shukar da ta makara da mako biyu a ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu ba, ko noman firin da aka yi bayan ciyawa ta rufe shuka, asara ce da ba a mayarwa. Shi ya sa in an auna, gonar mace kan ba da ƙasa da ta namiji, kuma masu bincike sun sha nuna cewa bambancin daga taki da hannun aiki da lokaci yake fitowa. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta kiyasta a rahotonta na 2011 cewa da mata za su samu kayan aiki daidai da maza, amfanin gonakinsu zai ƙaru da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari.

Malamin gonar da bai san wannan jerin ba zai zo ya ce wa mace ta shuka da ruwan farko, ta zuba buhu kaza na takin zamani. Za ta ce to, malam, ta koma gida. Shawarar da za ta yi mata amfani ita ce wadda ta san za a makara: irin wake ko gyada mai saurin nuna, da yadda ake ɗan ɗiga taki a gindin kowace shuka maimakon watsawa, tunda mudu ne za ta iya saya.

In an koya wa maigida, ba shi kenan ba? Ai zai isar wa iyalinsa.

A kan wannan zato aka gina yawancin aikin malaman gona, kuma shi ne ya fi cutar da mu. Tun daga shirye-shiryen bunƙasa noma na farko a Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970, tsarin da ya zama ruwan dare shi ne malami ya zaɓi wasu manoma, ya riƙa ziyartarsu, su kuma su yaɗa wa saura. Malaman maza ne, waɗanda ake zaɓa magidanta ne masu gona, a gindin bishiya ko ƙofar mai gari ake haɗuwa. Wani binciken FAO na ƙarshen shekarun 1980 ya gano cewa kusan kashi 5 cikin ɗari kacal na hidimar malaman gona a duniya ake nufin mata da shi, kuma kashi 15 kawai na malaman ne mata.

Ba ina cewa maza na ɓoye ilimi da gangan ba. Mutum yana riƙe abin da ya shafi aikin hannunsa ne. Ka yi wa magidanci bayanin tazarar shuka, zai haddace, domin gobe shi zai yi. Ka yi masa bayanin yadda ake gane gyada ta bushe kafin a zuba a buhu, zai saurara da ladabi, amma in ya shiga gida abin da zai fita daga bakinsa bai wuce “an ce a riƙa shanyawa sosai” ba. Matakai biyar sun koma jimla ɗaya. Ita kuma ba ta ga an yi ba, ba ta samu damar tambaya ba. Sannan a gidan da ke da mata biyu ko uku, kowacce da tukunyarta da jarinta, wadda ke da girki ranar ce za ta ji, sauran sai dai a bakin yara.

Ko za a ba da misali ɗaya da ke nuna yadda saƙon ke lalacewa a hanya?

Ajiyar wake. Ƙwaron wake tun a gona yake kamawa, ya yi ƙwai a jikin kwanso, a shigo da shi gida ba a sani ba. Da zafin ƙasarmu, cikin kamar mako uku zuwa huɗu ƙwai ya zama ƙwaro mai yin wani ƙwan. Waken da aka zuba a buhun leda na kasuwa da kaka, kafin wata uku ko huɗu za ka ɗebo ka ga huji ko'ina, gari na zuba, ga wari. Shi ya sa manomi ke sayarwa da kaka lokacin da wake ya fi araha, ko ya zuba masa maganin ƙwari. Maganin nan kuwa ba wasa ba ne: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari da aka samu a ciki, kuma irin wannan waken ne muke ci a gida.

Akwai buhun da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da masana na yankinmu, aka fara yaɗa shi sosai daga 2007. Hawa uku ne: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ba a sa magani ko kaɗan. In an ɗaure shi iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su mutu.

Amma sai an bi ƙa'ida. Wake ya bushe ƙarau, in ka ciza ya fashe da ƙara, kuma a bar shi ya huce daga zafin rana. A fece shi, a fitar da tsakuwa da tsinke, don su ne ke huda leda. A hura wa kowace leda iska a matse a ga ko tana yoyo. A sa leda ta farko cikin ta biyu, su biyun cikin buhun saƙa, a zuba wake ana girgizawa ya zauna, a bar wuri a sama. Sai a matse iskar da ke cikin leda ta farko, a murɗe bakinta, a lanƙwasa, a ɗaure. A yi wa ta biyu haka ita kaɗai, sannan buhun waje shi ma daban. A ɗora a kan katako, kar ya jingina da bango, saboda ɓera. Kuma kar a buɗe sai ranar da za a kwashe.

Na taɓa komawa wani ƙauye wata uku bayan an yi wa maza wannan bayani an sayar musu da buhunan. Wani magidanci ya tare ni da cewa buhunmu ƙarya ne, wakensa ya cinye. Na nemi izini a shigar da abokiyar aikina ta gani. Ta tarar da buhun a ɗakin uwargida, bakinsa uku a haɗe an ɗaure da tsumma ɗaya, ga kwano a kife a kai. Ta ce, “Gwaggo, sau nawa kike buɗewa?” Uwargida ta ce, “Kullum da yamma mana, 'yar nan, in zan jiƙa na ƙosai. Shi cewa ya yi sabon buhu ne mai hana ƙwari, in zuba a ciki.” Ba ta yi laifin komai ba. Abin da aka faɗa mata ta yi. Kowace yamma tana buɗe wa ƙwarin iska da hannunta, kuma babu wanda ya gaya mata cewa rashin iskar ne maganin.

Da ita aka koya wa tun farko, da tambayar farko da za ta yi ita ce: to na ƙosai fa? Tambayar da babu namijin da ya yi a gindin bishiya. Kuma amsar mai sauƙi ce. A ce tana da buhu ɗaya, tiya 40, tana kuma cin tiya ɗaya a rana uku. Sai ta ware tiya 10 na wata guda a mazubi daban, tunda cikin wata ɗaya ɓarnar ba ta yin yawa. Sauran 30 ta raba su: wani a ƙaramin buhu mai hawa uku, wani a jarkoki masu tsabta da suka bushe, a cika su maƙil har baki, a sa leda a ƙarƙashin murfi a murɗe tam. Duk wanda ta buɗe, shi za ta ci har ya ƙare, sauran na rufe. Da haka sai ta kai bazara da wakenta lafiya, lokacin da masu ƙosai ke saye da tsada.

Ban da ajiya, ina ne kuma rashin isa ga mata ke jawo asara?

Kiwo. Akuya ita ce bankin matar ƙauye: a sayar da ɗan akuya a yi kuɗin asibiti ko kayan ɗakin 'ya. Akwai annobar awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR. Alamunta zazzaɓi, majina, kwantsa a ido, gyambo a baki, tari, sai zawo mai wari, kuma tana iya share garke cikin 'yan kwanaki. Tana da allurar rigakafi, wadda sau ɗaya in an yi tana kare dabba aƙalla shekara uku. Amma ranar rigakafi a masallaci ko kasuwa ake shela, a ce a kawo dabbobi filin gari da safe. Maigida ya tafi gona da shanunsa a rai, mai awakin ba ta ji ba, ko ta ji amma ba mai ja mata su. Haka cutar kajin nan da ke zuwa da hunturu tana kashe su rututu: akwai rigakafin da ake ɗigawa a ido ɗigo ɗaya duk bayan wata uku ko huɗu, aikin da mace ɗaya a unguwa za ta iya koya ta riƙa bi gida-gida ana biyanta kaɗan.

Sai gyada. Gyadar da aka tara da danshi tana yin fumfuna mai fitar da guba da ke lalata hanta, kuma suya ba ta kashe gubar. Wadda ke tsince gyada ita ke yanke hukuncin inda motsattsu da ruɓaɓɓu za su: a zubar, ko a niƙa a ƙuli-ƙulin yara don kar a yi asara. In ba ta san da gubar ba, don me za ta zubar?

Wannan ba zai ci karo da addini da al'adar kulle ba?

Ban ga inda ya ci karo ba. A shari'ar Musulunci dukiyar mace tata ce, mijinta ba shi da iko da ita sai da yardarta. Tana gadon gona: 'ya tana da rabin rabon ɗa, matar mamaci tana da ɗaya bisa takwas in akwai 'ya'ya, ɗaya bisa huɗu in babu. Wadda aka yarda ta mallaki gona da dabba, ba a hana ta sanin yadda za ta kula da su ba.

Abin da magidanta ke ƙi shi ne baƙon namiji ya shiga musu gida, ko a tara matansu a wurin da ba su sani ba. Wannan kuwa ana iya kauce masa. Malamar gona tana shiga gida kamar yadda ungozoma da masu rigakafi ke shiga. Ana iya taruwa a tsakar gidan mai unguwa ko gidan wata dattijuwa da ake girmamawa, ko bayan an tashi daga Islamiyyar matan aure. A fara da gaida mai gari da liman, a yi wa mazan bayanin abin da za a koyar, har a nuna musu. Duk inda na ga an bi wannan hanya, magidanta da kansu ke cewa a sa da iyalinsu. Inda aka tsallake su kuwa, taro biyu ake yi na uku ba kowa.

To ai akwai sashen mata a hukumomin noma. Me ya hana ya wadatar?

Gaskiya ne. Tun ƙarshen shekarun 1980 aka kafa sashen mata, wanda ake kira WIA, a shirye-shiryen bunƙasa noma na jihohin Najeriya, kuma a 2019 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da manufa ta musamman kan daidaita maza da mata a harkar noma. Matsalar tana ƙasa. Malaman gona gaba ɗaya sun yi kaɗan, mata a cikinsu sun fi kaɗan, kuma da yawa suna zaune a birni da iyalansu ba abin hawa. Sannan an daɗe ana ɗaukar aikin sashen a matsayin koyar da girki da yin sabulu da man shafawa. Ba na raina sabulu, amma matar da ke da akuya shida da gayauna da buhun wake ta fi bukatar ilimin akuya da wake.

Akwai kuma sharuɗɗan da ke tankaɗe mata tun kafin a fara. A ce sai mai hekta ɗaya, ko sai shugaban gida, ko sai mai lambar waya da asusun banki da sunansa. A gidaje da yawa waya ɗaya ce kuma tana aljihun maigida. Wanda ya rubuta sharaɗin bai yi nufin ware kowa ba, amma in ka karanta sunayen da suka fito, za ka ga sakamakon.

A aikace, me ya kamata shirin wayar da kan manoma ya canza?

Kafin a koyar da komai, a zauna da maza daban, da mata daban, a bi amfanin gona ɗaya daga iri har kasuwa ana tambaya: wa ke yin wannan, wa ke yanke shawara, wa ke karɓar kuɗin? Duk matakin da aka ce mace ce, to ita za a koya wa da hannunta. Amsoshin ɓangarorin biyu sukan bambanta, kuma a wurin bambancin ne ake gano abin da ba a sani ba.

Lokaci ma magana ce. Taron ƙarfe goma na safe ya yi daidai da surfe da ɗora tukunya da shirya wa yara talla. Tsakanin azahar da la'asar ya fi, kar ya wuce awa ɗaya da rabi, a kuma yarda a zo da goyo. A yi da Hausar gida, da mudu da tiya da murfin kwalba a matsayin ma'auni, tunda ba kowa ke karanta boko ba. Kuma kar a ƙirƙiri sabuwar ƙungiya in akwai tsohuwa. Mata sun riga sun iya haɗa kansu a adashi, kuma tsarin asusun Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991 ya bazu har wasu ƙasashe saboda a kan wannan ɗabi'a aka gina shi. Ranar zubi kowa na nan, kuma ga kuɗin da za a haɗa a sayi buhu ko kwalbar rigakafi tare.

Akwai haɗarin da ke tattare da hakan?

Akwai biyu da na fi gani. Na farko, ƙara wa mai kaya kaya. Sabuwar dabara da ke bukatar ƙarin awa biyu a rana, kamar haɗa takin gargajiya ko ban ruwan lambu da guga, a kan matar da ta tashi tun asuba take faɗawa, ko a kan 'yarta da za a hana zuwa makaranta. Dole a tambaya: wannan aikin wa zai yi, kuma me za ta bari don ta yi shi?

Na biyu, sana'ar mata in ta fara kawo kuɗi sosai takan sauya hannu. Mata ke matse man gyada da turmi da hannu. Ranar da injin matsa ya shigo gari, mai jarin saye da kuɗin mai shi ke mallakarsa, galibi namiji, matan su koma masu kawo gyada ko su rasa kasuwar ɗungurungum. In shiri zai kawo inji, a fara daidaita sunan wa zai kasance, wa ke riƙe da kuɗin gyara, da wanda aka koya wa kunna shi da kwance shi.

Ta yaya za a gane shirin ya kai ga mata da gaske?

Takardar sunayen mahalarta ba ta nuna komai, domin ana iya cika ta da mata ɗari da aka tara ranar da manya za su zo. A koma bayan wata uku ko huɗu, a shiga gida goma da ba shugabar ƙungiya ce ta zaɓa ba. A ce wa matar ta ɗaure buhun a gani. A duba ko kowace leda da ɗaurinta, ko buhun na kan katako. A tambaye ta a ina za ta sayi wani in wannan ya huje, da nawa, kuma wa za ta aika. A ƙirga awakin da aka yi wa allura cikin waɗanda ke ɗaure a turke. A ƙarshe a tambayi kishiyarta ko maƙwabciyarta da ba ta je taron ba ko ta iya, kuma in ta ce ta iya, ita ma a miƙa mata buhun ta ɗaure.